Buƙatar da Aka Binne a Sakin Layi na Bakwai

Ranar wata Lahadi bayan sallar isha'i ƙanwata ta shigo gidana rungume da kwamfutarta, ranta a ɓace. Tana aiki ne da wata ƙungiya mai horar da mata masu turara shinkafa a yankin Kura da Bunkure, kuma ita ce mai shiga ƙauyuka tana haɗa taruka. Ta ce tun ranar Alhamis ta tura wa shugabarsu imel a kan magana ta gaggawa, sai amsa ta dawo layi ɗaya tak. Ta juyo min da fuskar kwamfutar na karanta. Hajiya ta rubuta: "Na gani, sannu da ƙoƙari. Ki yi wa direba magana a kai motar gareji."

"Yaya, ni fa ba maganar mota ce ta dame ni ba," in ji ta. "Ɗakin taro za mu rasa."

Na yi shekaru ina aikin sakatare a ofis, ina tace wa shugabanni wasiƙu kafin su kai gare su, saboda haka na san irin wannan amsa. Idan ka rubuta wa mutum a kan abu kaza ya amsa maka a kan wani abu daban, yawanci ba raini ba ne. Ya karanta iya inda lokaci ya ba shi, ya ci karo da abu na farko mai kama da buƙata, ya biya ta, ya wuce ga saƙo na gaba da zuciya ɗaya cewa ya gama da kai. Na ce ta buɗe min abin da ta tura.

Sakin layi tara ne, kalmomi sun doshi 700. Na farko gaisuwa ce da barka da dawowa daga tafiya. Na biyu labarin horon da suka yi a baya ne, yadda mata suka ji daɗinsa da yadda wasu suka soma samun ciniki. Na uku ƙorafi ne a kan ɗakin da aka yi amfani da shi wancan karon, ba fanka, zafi ya sa wasu suka fice kafin azahar. Na huɗu bayanin ɗakunan taro uku da ta zaga ta gani, kowanne da kuɗinsa. Na biyar shi ne na motar ofis da ta mace musu a hanya. Na shida ya taɓo kuɗin sufurinta na wata biyu da ba a biya ba. Na takwas ya ce abokin aikinta har yanzu bai kawo sunayen matan ƙauyuka biyu ba. Na tara ban haƙuri ne a kan tsawon saƙon, da addu'a.

Na bakwai na tsallake da gangan, domin a nan kayan yake. A tsakiyarsa, bayan jimla biyu a kan kirkin mai ɗakin taron, ga abin da ta rubuta: "Ya dai ce akwai masu biki da su ma suke nema, to ban sani ba ko idan da hali za a ɗan duba yiwuwar a ba shi wani abu kafin ƙarshen mako mai zuwa, duk yadda kuka gani dai." Wannan jimla ita ce dalilin wasiƙar gaba ɗaya. Babu adadin kuɗi a cikinta, babu rana, ba a ce wane ɗaki daga cikin ukun ba, ba a kuma ce wa zai ba da kuɗin ba. A wayar hannu, inda Hajiya ke karanta saƙonninta tsakanin wannan zama da wancan, sai an ja allo sau biyar ko shida kafin a iso wurin. Kanun saƙon kuma, abin da ke cikin gurbin `Subject`, kalma biyu ne: "Wasu bayanai".

Ban fara da goge-goge ba. Kuskuren da aka fi yi ke nan: mutum ya ɗauki doguwar wasiƙa ya yi ta yanke kalmomi, a ƙarshe ya samu gajeriyar wasiƙa mai ruɗani iri ɗaya. Na ce ta rufe kwamfutar, ta ɗauka Hajiya ce ke shiga mota za ta tafi, ita kuma tana tsaye bakin taga da numfashi ɗaya kacal. Me za ta ce?

Ta yi shiru. Can ta ce, "Zan ce mata ɗakin taro, da kuɗina, da kuma ta yi wa wancan magana."

Uku ke nan. Kuma a nan ne ainihin ciwon yake. Wasiƙar ba ta yi tsawo don ƙanwata ba ta iya rubutu ba. Ta yi tsawo ne don ba ta riga ta yanke wa kanta shawarar abin da take so ba, sai ta kwashe duk abin da ke ranta ta zube gaban Hajiya, da fatan ita za ta tsince. Ta miƙa wa mai karatu aikin da ya kamata mai rubutu ya yi.

Muka ɗauko takarda da biro. Na ce ta bi wasiƙar jimla bayan jimla, duk inda take son wani ya yi wani abu ta ja layi, ko da a fakaice ta faɗa. Muka ƙirga, buƙatu biyar suka fito: a biya kafin alƙalami na ɗakin taro, a zaɓi ɗaya daga cikin ɗakuna uku, a gyara mota, a biya ta kuɗin sufuri, a matsa wa abokin aikinta ya kawo sunaye. Sauran duka labari ne da hujja da huce takaici.

Kowace buƙata muka yi mata tambaya biyu. Ta farko: idan mako ya ƙare ba a yi wannan ba, me zai lalace? Ta biyu: shin Hajiya ce kaɗai za ta iya yin sa?

Mota ta faɗi a tambaya ta biyu, domin akwai mai kula da motoci, kuma an ma riga an tura ta wurinsa. Kuɗin sufuri yana ci mata rai ƙwarai, kuma haƙƙinta ne, amma a ofishinsu fom ake cikawa a kai wa akanta, ita kuma ba ta ko cika na wata na biyun ba. Maganar abokin aiki na ɗan tsaya a kanta, don na ga haɗarin da ba ta gani ba. Imel abu ne da ake turawa gaba da latsawa ɗaya. Da Hajiya ta tura wannan wasiƙa ga akanta saboda maganar kuɗi, da ƙorafin da ke sakin layi na takwas ya tafi tare da ita, kuma kafin la'asar ya kai kunnen mai shi. Na ce ta kira shi da safe ta tambaye shi kai tsaye. Idan abin ya faskara, wannan maganar zama ce, ba ta rubutu ba.

Sai ɗakin taro ya rage, shi kaɗai ya ci tambayoyin biyu. Mai ɗakin ya ce ranar Alhamis 14 ga wata zai ba masu biki idan bai ga rabin kuɗi ba, horon kuma an riga an sanar da mata 40 cewa ranakun 26 da 27 ne. Kuma akanta ba ya fitar da kuɗi sai da amincewar Hajiya a rubuce.

To amma buƙatar ɗakin ma biyu ce a manne: a zaɓa, sannan a biya. Na tambaye ta wanne take so a cikin ukun. Ba ta ko yi jinkiri ba. Akwai na naira 90,000 na kwana biyu, amma ba janareta, wato za a maimaita wahalar wancan karon. Akwai na 170,000, ya wuce abin da aka ware. Na tsakiya 120,000 ne, da janareta da fankoki da kujeru, abin da kasafi ya ware wa ɗaki kuma 130,000 ne. Ta san amsa tun ranar da ta zaga. Na ce to me ya hana ta faɗa?

"Kar a ce na yanke hukunci a gaban manya."

Wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ya tsaya a kanta, domin duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ta. An rene mu da cewa ba a tunkarar babba da buƙata kai tsaye. Ana gaisawa, a zauna, a kewaya, a yi hannunka mai sanda, shi kuma ya gane. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma tana aiki a zaure, saboda a zaure babban yana kallon fuskarka, yana ganin ka ƙi tashi bayan an gama gaisuwa, sai ya ce, "To, lafiya dai?" Shi ke buɗe maka ƙofa. A imel babu mai ganin ka ƙi tashi. Kewayen da a baki yake zama ladabi, a rubuce yana zama nauyi a kan wanda kake son girmamawa, domin sai ya karanta kalma 700 yana laluben abin da ke tafe da kai.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa fito da buƙata a fili baƙon abu ne a wurinmu. Wasiƙar Hausa da aka koya mana a firamare tana da tsari sarai: gaisuwa da fatan alheri, sannan "bayan haka", sannan "dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne". Malamanmu da ke rubutu da ajami da Larabci su ma bayan sallama da yabo sai su ce "amma ba'adu" su shiga magana. Ƙofar tana nan tun da can. Abin da ƙanwata ta yi shi ne ta ce "bayan haka", sannan ta ƙi shiga. Ko sojan ƙasa na Amurka, da ƙa'idarsu ta rubuta wasiƙu ta ce a sa babbar magana a farko, ba su zo da abin da ya wuce wannan ba, sai dai su ba sa doguwar gaisuwa.

Game da tsoron yanke hukunci kuwa, na nuna mata cewa ba da shawara daban, zartarwa daban. Ita ce ta taka ƙafa ta ga ɗakunan, Hajiya ba ta gani ba. Idan ta jera uku ba ta ce komai ba, ta bar wadda ba ta je ba da zaɓen tumun dare. Idan ta ce "ina ba da shawarar na tsakiya saboda kaza", hukunci yana nan a hannun Hajiya, an dai sauƙaƙa mata shi ne.

Rubutun farko da na zana mata a takarda layi uku ne, ba gaisuwa. Ta karanta ta girgiza kai. "Yaya, wannan in na tura cewa za a yi ba ni da kunya. Ta dawo daga tafiya fa." Gaskiyarta, kuma na karɓa. Gajarta da ta cinye gaisuwa ba za ta samar da amsa da sauri ba, mai karatu zai tsaya ne yana mamakin abin da ya same ki. Muka mayar da gaisuwar, amma layi ɗaya, mai ɗauke da abu na gaske, wato barka da dawowa. Dalili ɗaya na riƙe ta a layi ɗaya: a waya, ƙarƙashin kanu ana nuna ɗan farkon saƙo kafin a buɗe, kuma idan gaisuwa ta yi tsawo ita kaɗai za a gani.

Kanun ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda za a zata. Ta fara da "Ɗakin taro". Na ce wannan suna ne kawai, bai ce a yi komai ba. Ta ƙara "Gaggawa". Na ce a cire, domin kowa haka yake rubutawa, kuma rana ta fi kalmar gaggawa ƙarfi: gaggawa ji ne na mai rubutu, rana kuwa abu ne da mai karatu zai iya dubawa a kalanda. Ga abin da muka tsaya a kai, da saƙon duka:

> Neman amincewa: naira 60,000 na ɗakin taro kafin Laraba 13
>
> Assalamu alaikum Hajiya, barka da dawowa, da fatan an sauka lafiya.
>
> Bayan haka, ina neman amincewarki a biya naira 60,000 kafin alƙalami na ɗakin da za mu yi horon ranakun 26 da 27. Mai ɗakin zai ba wasu ranar Alhamis 14 idan ba mu biya ba, don haka ina roƙon amsa zuwa ranar Laraba da azahar, akanta ya samu damar turawa.
>
> Kuɗin ɗakin duka 120,000 ne na kwana biyu, kasafinmu kuma 130,000. Na duba ɗakuna uku, wannan nake ba da shawara saboda shi ne mai janareta da fankoki a cikin abin da muka ware. Na haɗa takardar kwatancin ukun.
>
> Idan kin amince, kalmar "na amince" ta wadatar, na sa akanta a kwafi zai gani. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Kalmomi ɗari da 'yan kai. Akwai abubuwa a ciki da ba a gani sai an nuna. Ranar da muka ba Hajiya Laraba ce, ba Alhamis ba, duk da cewa Alhamis ce ranar mai ɗaki. Idan ka ba mutum ainihin ranar ƙarshe, zai amsa a ranar, kuma tsakanin amincewa da shigar kuɗi akwai akanta da banki da matsalar sadarwa. Amma ba mu ɓoye ainihin ranar ba, mun faɗi duka biyun da dalilin tazarar, domin ranar ƙarya idan aka gano ta sau ɗaya, ba za a sake yarda da ranakunki ba. "Wani abu" ya zama 60,000. "Ko za a duba yiwuwar" ya zama "ina neman amincewarki", kuma lura cewa har yanzu roƙo ne, ba umarni ba. Bayanin ɗakuna uku bai ɓace ba, ya koma takardar da aka maƙala, ga wanda yake son dubawa. Layin ƙarshe kuma ya gaya mata daidai abin da za ta rubuta, yadda ko tana cikin mota za ta iya amsawa da yatsa ɗaya.

Akanta mun sa shi a `Cc` ne, gurbin masu ganin kwafi, ba a `To` ba, gurbin wanda ake jiran amsarsa. Idan aka jera mutum biyu a `To`, kowanne na iya ɗauka ɗayan ake jira. Sannan ba mu latsa `Reply` a kan tsohuwar wasiƙar ba. Da mun yi haka, da kanun "Wasu bayanai" ya biyo mu, da kuma sakin layi taran nan duka sun rataya a ƙasa, har da ƙorafin abokin aiki, akanta yana karantawa. Sabon saƙo ta buɗe fil. Da yake dare ya yi, ta yi amfani da `Schedule send` na Gmail ta saita shi ya tafi ƙarfe 8 na safiyar Litinin, don kada ya nutse ƙarƙashin saƙonnin da za su shigo da asuba.

Kafin ta saita, mun yi gwaji ɗaya da nake yi wa kowace wasiƙa. Na miƙa wa matata wayar, wadda ba ta ji komai na maganar ba, na ce ta karanta sau ɗaya ta gaya mana abin da ake so, daga wa, zuwa yaushe. Ta ce, "Hajiya ta yarda a biya dubu 60 kafin Laraba." Da ta yi tuntuɓe a ɗaya daga cikin ukun, da mun koma kan takarda.

Amsa ta zo ranar Litinin kafin ƙarfe 11, amma ba "na amince" ba ce. Hajiya ta rubuta: "Akwai bayan gida na mata da wurin salla? Wasu za su zo da goyo."

Ƙanwata ta kira ni tana cewa ai wannan bayanin yana cikin tsohuwar wasiƙar, sakin layi na huɗu, mu muka cire. Haka ne, kuma kuskuren nawa ne. Na auna hujjojin da ma'aunin ofis, wato kuɗi da kasafi da wuta, na manta cewa wadda za ta karanta ta shekara da shekaru tana tara mata a ɗaki ɗaya, ta san cewa abin da ke korar mace mai goyo daga taro ba zafi kaɗai ba ne. Zaɓen abin da za a bari a gajeren saƙo ba a yin sa da abin da ya fi muhimmanci ga mai rubutu. Ana yin sa ne da tambayar da wannan mai karatun, shi da kansa, zai yi kafin ya ce e. Ƙanwata ta san Hajiya fiye da ni, kuma da na tambaye ta me Hajiya ta saba tambaya a kan ɗakin taro, da ta faɗa min nan take. Jimla ɗaya ce da za ta shiga sakin layi na uku ba tare da ta yi masa nauyi ba.

Duk da haka, a dubi bambancin amsoshin biyu. Ta farko a kan mota ce, ta biyu a kan ɗakin taro. Wannan karon Hajiya ta san abin da ake nema, tana auna shi ne. Ƙanwata ta amsa da layi biyu, cewa akwai bayan gida biyu na mata da famfo, da rumfa a gefe da za a shimfiɗa tabarmi, ta haɗa da hoton da ta ɗauka ranar da ta je. Bayan azahar "na amince" ta shigo, akanta ya tura kuɗin ranar Talata, mai ɗaki ya ba da rasit.

Wannan tsari yana da iyaka, kuma na gaya mata tun a daren. Ba da shi ake ta'aziyya ba, ba da shi ake ban haƙuri a kan laifi ba, domin a can tsawon maganar da sanyinta su ne saƙon. Akwai kuma lokacin da buƙatu biyu ke sarƙe da juna yadda ba za a amsa ɗaya ba sai da ɗayar, misali a ce ɗakin ba zai samu ba sai an matsar da ranar horon. A nan raba su ɓarna ce, sai dai a haɗa su cikin tambaya guda: a matsar da rana a samu ɗakin, ko a bar rana a nemi wani. Sannan gajeren saƙo yana fito da mai shi fili. Tunda ta rubuta "wannan nake ba da shawara", da janaretan ya ƙi tashi ranar horo, kowa ya san shawarar wa aka bi. Doguwar wasiƙar ta kasance mafaka gare ta daga wannan. Shi ya sa ranar Litinin 25 ta koma ɗakin da kanta ta sa aka tayar da janaretan a gabanta.

Sauran buƙatun kowace ta bi hanyarta. Abokin aikin nata ashe ya tattara sunayen tun tuni, suna cikin littafinsa bai buga ba, da ta kira shi ya ɗauki hoton shafukan ya turo mata a ranar. Kuɗin sufuri ta cika fom ta rubuta wa akanta saƙo nasa daban, layi huɗu, da adadi da watannin. Ya amsa washegari cewa ya karɓa amma sai kuɗin zango na gaba sun shigo, kuma sai da ta jira mako uku kafin a biya ta.